Awon Hall a kan jamaniyam: na juya maganaɗisu, lambobin sun ƙi yin daidai

Auwalu_aji3:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman taimako kafin Litinin, don ranar za mu miƙa rahoton gwaji. An ba mu ɗan falan jamaniyam, tsawonsa 20 mm, faɗinsa 10 mm, kaurinsa 1 mm. An ce mu gano ko elektron ne ke dakon wuta a cikinsa ko gurbi, wato wurin da elektron ya bari, nawa ne yawansu, kuma nawa ne mobiliti ɗinsu, wato sauƙin tafiyarsu a filin lantarki. Na sa masa 10 mA ta tsawo, na shigar da shi tsakanin bakunan maganaɗisun lantarki, mita ta nuna 0.3 T. Na auna boltej ta faɗi, na samu +26 mV. Da na juya wayoyin maganaɗisun sai na samu −10 mV, alhali na zaci −26 zan gani. Abin da ya ƙara rikita ni, na kashe maganaɗisun gaba ɗaya amma mitar tana nan tana nuna 8 mV. Ta tsawo kuwa 0.70 V ne. Shin falan ne ya lalace, ko wace lamba zan ɗauka?

GwaniBash:
Wa alaikumus salam. Ɗauki 26 ɗin kawai, ita ce ta fito da alamar tarawa, kuma alamar tarawa na nufin nau'in p ne, wato gurabe ne ke dakon. Mu ma haka muka yi bara, ba wanda ya ce mana komai.

BabanLab:
Gwani, rashin magana daga mai duba rahoto ba shaida ba ce. Auwalu, falanka lafiyarsa lau, lambobin nan uku ma sun yi kyau ƙwarai, don suna gaskata juna.

Wannan 8 mV da kake gani ba tare da maganaɗisu ba, ba ta da alaƙa da boltej ta Hall, wato wadda maganaɗisu ke haifarwa ta faɗin falan. Wayoyi biyun da aka liƙa a gefe da gefe ne ba su zauna daidai da juna ba, ɗaya ta ɗan gota gaba. Kai da kanka ka ce boltej ta tsawo 0.70 V ce a kan 20 mm. Ke nan duk milimita ɗaya da ka matsa ta tsawo, an samu bambancin 35 mV. To 8 mV gociyar da ba ta kai kwatan milimita ba ce. Wane mai soda ne zai rantse hannunsa bai kauce da kwatan milimita ba? Shekaruna da yawa a ɗakin gwaji, ban taɓa ganin falan da ya ba da sifili cif ba.

Abin da ke ceton ka shi ne, wannan boltej ta gociya ba ruwanta da inda maganaɗisu ya fuskanta, ita kuwa ta Hall tana juyawa idan ka juya shi. A karon farko sun haɗu sun ba ka 26, a na biyu sun yi karo sun ba ka −10. Sai ka ɗebe ta biyu daga ta farko ka raba biyu:

```
V_H = (26 − (−10)) / 2 = 18 mV
```

Idan kuma ka tara su ka raba biyu, 8 za ka samu, wato abin da mitarka ta nuna da ka kashe maganaɗisun. Da ba su yi daidai haka ba, da na ce akwai wata matsalar.

Auwalu_aji3:
Allah ya saka da alheri Baba. Wallahi har na fara tunanin in goge −10 ɗin daga littafi. To daga 18 mV yaya zan kai ga yawan masu dakon?

Sani_Rewaya:
Ni dai abin da na sani, sensan Hall waya uku gare shi: wuta, ƙasa da sigina. Idan yana ba ka lamba biyu daban to ya mutu, ka sayi wani. A motar da na gyara makon jiya haka ya yi, mota ta ƙi tashi sai da muka canza na kamshaf.

Malama_Hauwa:
Malam Sani, gaskiyarka a fagenka, amma ba abu ɗaya kuke magana a kai ba. Wanda ke cikin mota, masana'anta sun riga sun san halin ɗan falan da ke ciki, suna amfani da shi don a gane wucewar maganaɗisu, kuma sun haɗa masa da'irar da ke share irin wannan gociyar kafin sigina ta fito. Shi Auwalu akasin haka yake yi: ya san ƙarfin maganaɗisun, falan ne bai san halinsa ba.

Auwalu, ka fara da hoton abin kafin lissafi. Wutar da ka sa, 10 mA, dole ta wuce. Idan masu dakon suna da yawa, kowa zai tafi a hankali. Idan kaɗan ne, dole su yi gudu kafin su kai wannan kayan. Shi kuma maganaɗisu, gwargwadon gudun caji yake tura shi gefe. Shi ya sa ƙarancin masu dako ke haifar da babbar boltej ta Hall. Lissafin ke nan, inda t kauri ne, I wuta, B filin maganaɗisu, q cajin elektron, n kuma yawan masu dako:

```
R_H = V_H · t / (I · B)
n = 1 / (q · R_H)
```

Ka mayar da komai zuwa bolt, mita, amfiya da tesla tukun. 0.018 sau 0.001, a raba da 0.01 sau 0.3, ya ba da R_H = 0.006 m³/C. Cajin elektron 1.6×10⁻¹⁹ C ne, saboda haka n ya zama kusan 1.0×10²¹ a kowace m³, ko 1.0×10¹⁵ a kowace cm³ yadda masu harkar semikondakta suka fi rubutawa. Da ka bi shawarar Gwani ka ɗauki 26, da 7.2×10²⁰ ka samu. Da 10 ka ɗauka, da ya haura zuwa 1.9×10²¹. Ka ga daga fala ɗaya amsa na iya ninkawa fiye da sau biyu da rabi.

Sani_Rewaya:
To Malama na gane, ashe ba layina ba ne. Amma in tambaya, me ya sa ba a yin sensan da jan ƙarfe, tunda ya fi kowa ɗaukar wuta?

Malama_Hauwa:
Yawan ɗaukar wutar ne ma ya hana. Jan ƙarfe na da elektron kusan 8.5×10²⁸ a m³. Ka yanka shi daidai girman falan Auwalu, ka ba shi wuta ɗaya da maganaɗisu ɗaya, abin da za ka samu bai kai kashi ɗaya cikin biliyan na bolt ba. Shi kansa Edwin Hall, da ya gano abin a 1879 a jami'ar Johns Hopkins, sai da ya koma ga ganyen zinariya mai tsananin siranta kafin allurarsa ta motsa, don kauri yana ƙasan lissafin.

GwaniBash:
To na yarda da batun 18. Amma maganata ta nau'in p tana nan. Ko 26 ko 18, alamar tarawa ce.

BabanLab:
Alamar tarawa a kan mita ba ta ce komai ba, ɗana. Ka musanya jar waya da baƙa, ta zama alamar ɗebewa, shin falan ya canza nau'i ke nan? Sai ka san abu uku tare: ina wuta ta nufa, ina filin maganaɗisu ya nufa, kuma wane gefe jar wayar take.

Auwalu, ɗauka falan na kwance a tebur. Wuta na tafiya gabas, wato ta shiga ta yamma daga jan bakin na'urar ba da wuta. Filin maganaɗisu na fitowa daga ƙasa zuwa sama. A wannan yanayi ana tura masu dakon zuwa gefen kudu, ko su wane iri ne. Nan ne ɗalibai ke faɗuwa, suna zaton elektron zai yi arewa gurbi ya yi kudu. A'a. Elektron yamma yake tafiya, akasin wutar, kuma cajinsa ma akasi ne, akasi biyun suka kashe juna, ya ƙare a kudu shi ma. Saboda haka ka sa jar waya a kudu, baƙa a arewa. Bayan ka cire gociya, idan kudu ya fi arewa to gurabe ne suka taru a can, nau'in p. Idan kudu ne a ƙasa, elektron ne, nau'in n.

Ka koma ka duba yadda ka jona. Idan ba ka rubuta ba, to gaskiya ba ka auna nau'i ba tukun.

Auwalu_aji3:
Ban rubuta ba Baba. Kuma bakunan maganaɗisun babu alamar N ko S a jiki, fentin ya goge. Yaya zan san inda filin ya nufa?

BabanLab:
Kamfas. Kan allurar da ke nuna arewa yana bin inda filin ya nufa, kuma a tsakanin bakunan fili na tashi ne daga N zuwa S. Amma ka rage wutar maganaɗisun sosai kuma kada ka cusa kamfas ɗin tsakiya. Ƙarfin 0.3 T na iya juya maganaɗisun allurar kanta, ta koma tana nuna kudu a matsayin arewa. Muna da guda biyu a durowa da ɗalibai suka yi wa haka, ba wanda ya faɗa, sai da suka ɓatar da aji guda.

Akwai kuma shaida ta biyu da ba ta buƙatar maganaɗisu. Ka cire wutar falan, ka sa mita a kan mV, baƙar waya a gefe ɗaya a sanyi, jar kuma ka ɗumama bakinta da ayan na soda ka taɓa falan da ita. A nau'in n elektron na gudu daga wurin zafi, wurin ya zama mai tarawa, mita ta nuna tarawa. A nau'in p ɗebewa za ta nuna. Ɗumi kaɗan ya isa, kuma ka nisanci inda aka liƙa wayoyi kada ka narkar da su.

Dan_Maradi:
Barkanku da muhawara. Ni tambayata a kan zafi ce. Malaminmu ya taɓa cewa jamaniyam nau'in p yana juya alamar Hall idan ya yi zafi. To a watan Afrilu da ɗakin gwaji ke kai digiri 43 babu fanka, ba zai yiwu Auwalu ya auna p ya ga n ba?

Malama_Hauwa:
Abin da malaminku ya faɗa gaskiya ne, amma ba a zafin Afrilu ba, ga wannan falan dai. Zafi na haifar da elektron da gurbi bibbiyu. A jamaniyam tsantsa, a zafin ɗaki, kusan 2.4×10¹³ ne a cm³, wato kusan kashi ɗaya cikin arba'in na abin da Auwalu ya auna. Idan iri biyun suna nan tare, boltej ɗinsu ta Hall jayayya take yi, kuma ba a ƙirga su kai da kai: nauyin kowane iri shi ne yawansa sau mobiliti ɗinsa, a sake sau mobiliti ɗinsa. A nan p yawan gurabe ne, n yawan elektron, μ kuma mobiliti.

```
R_H = (p·μp² − n·μn²) / (q · (p·μp + n·μn)²)
```

A jamaniyam elektron ya kusa ninka gurbi a mobiliti, kusan 3900 da 1900 cm²/V·s. Biyu sau biyu huɗu, ke nan da elektron sun kai kwatan yawan gurabe, boltej ɗin Hall ta zama sifili, daga nan ta juya, alhali gurabe ne suka fi yawa har yanzu. Ga fala mai 10¹⁵, sai an doshi digiri 100 kafin a kai nan. A 43 elektron ɗin ba su kai kashi ɗaya cikin ɗari na gurabe ba. Da falan mai ƙarancin gauraye ne, kamar 10¹⁴, to da tambayarka ta zama abin damuwa na gaske.

Inda zafin ke cutar ku shi ne naɗin maganaɗisun. Yana ɗumama, turjiyarsa ta ƙaru, wutarsa ta ragu, 0.3 T ɗin da ka auna da farko ta sauka ba ka sani ba. Ka auna filin a kowane karo, kafin da bayan juyawa.

Nafisa_MSc:
Ku yi haƙuri in shigo da tawa. Ni siririn fim ɗin zinc oxide, wato ZnO, nake yi a kan gilashi, na kai shi an auna min a wata na'ura mai ba da amsa kai tsaye. Sau biyar aka auna samfur ɗaya: uku ta ce n, biyu ta ce p, yawan masu dakon kuma yana tsalle daga 10¹³ zuwa 10¹⁶. Wani abokin karatuna na cewa in rubuta p ɗin, wai ya fi jan hankali.

Malama_Hauwa:
Kada ki kuskura, 'yar uwa. ZnO da ba a yi masa komai ba nau'in n yake fitowa, kuma samun nau'in p mai ɗorewa a cikinsa abu ne da masu bincike suka daɗe suna fama da shi. Abin da ke damun ki shi ne damuwar Auwalu, amma a mummunan yanayi. Shi ta Hall ɗinsa 18 ce, gociya 8. Ke kuwa, idan mobiliti ɗin fim ɗinki bai wuce 1 cm²/V·s ba, filin kuma rabin tesla ne, boltej ɗin Hall kusan kashi biyar cikin dubu ɗari ce ta boltej ɗin da ke ratsa fim ɗin. Gociyar na iya ninka ta sau ɗaruruwa. Idan gociyar ta ɗan motsa tsakanin awo biyu, saboda haske ya faɗa kan fim ɗin ko ɗaki ya ɗumama, abin da ya rage bayan ɗebewa hayaniya ce kawai, alamarta kuma caca. Ki nemi a ba ki ainihin boltej ɗin da na'urar ta auna, ba amsar ƙarshe ba. Ki rufe samfurin daga haske. Sannan ki duba kowace waya biyu: zanen wuta da boltej dole ya zama miƙaƙƙen layi ta sifili, in ya lanƙwashe to liƙin ne ke wasa da ke.

Nafisa_MSc:
Da fentin azurfa na liƙa su, kuma gaskiya ɗigon sun yi girma, sun shigo ciki. Samfurin 1 cm ne kowane gefe.

BabanLab:
To ga wata matsalar. Hanyar van der Pauw ta auna fim da waya huɗu, tun yadda ya shimfiɗa ta a 1958, sharaɗinta wayoyin su zama ƙanana kuma a bakin gefe, fim ɗin kauri ɗaya, babu huji. Ki sake su a kusurwoyi huɗu, ƙanana kamar kan allura. Ni indiyam na fi so, amma ban ce shi zai warware miki ba. Wani fim ɗin ko me kika yi, na'ura mai tsayayyen maganaɗisu ba za ta iya da shi ba.

Auwalu_aji3:
Na dawo daga ɗakin gwaji. Na jera kamar yadda Baba ya ce, jar waya a gefen da ake tura masu dako: +26, da na juya −10. Gwajin ayan kuma ya ba da ɗebewa. Nau'in p ne. Ga mobiliti: turjiya 0.70 a raba da 0.01, 70 Ω. Sau faɗi sau kauri a raba da tsawo, ρ = 0.035 Ω·m. Sai μ = R_H / ρ = 0.171 m²/V·s, wato kusan 1700 cm²/V·s. Littafi ya ce 1900. In gyara ne?

GwaniBash:
Ka gani ko? Tun farko na ce p. Ai ko daga 1700 ɗin ma an san p ne, tunda ta fi kusa da 1900 a kan 3900. Da ba sai an wahala da kamfas ba.

Malama_Hauwa:
Gwani, ka faɗa daidai amma da sa'a. Jamaniyam nau'in n da aka cika wa gauraye, ko mai lahani a ƙirarsa, yana iya saukowa 1700 har ƙasa. Mobiliti na ba da zato, alama ce ke yanke hukunci.

Auwalu, kada ka gyara komai, ka bayyana. Tambaya ɗaya: 0.70 V ɗin, a kan wayoyin da ke kai wuta ka auna?

Auwalu_aji3:
E Malama, su kaɗai ne a ƙarshen falan.

Malama_Hauwa:
To turjiyar liƙin ta shiga cikin 70 Ω ɗin. Idan liƙin biyu sun ci 7 Ω kacal, falan 63 ne, mobiliti ya zama 1900. Ban ce haka abin yake ba, ina nuna maka girman tasirin ne. Shi ya sa ake sa wasu wayoyi biyu daban a gefe don auna boltej, waɗanda wuta ba ta bi ta cikinsu.

Na biyu, falanka gajere ne. Ƙarfen da aka shafe ƙarshensa da shi yana haɗe gefen kudu da na arewa a can ƙarshen, yana zubar da wani ɓangare na boltej ɗin Hall. Ana son tsawo ya ninka faɗi sau uku ko huɗu. Naka sau biyu ne, don haka 18 ɗin ta ɗan gaza ta gaskiya da abin da bai kai kashi goma cikin ɗari ba. Duka biyun ƙasa suke jan amsarka.

Wani abin da zai yi maka daɗi: kuskuren auna kauri ba ya taɓa mobiliti, don t na cikin R_H kuma yana cikin ρ, ya fice wajen rabawa. Yawan masu dako kaɗai yake ɓatawa.

Injiniya_Kabiru:
Malama, ban yarda a kwatanta 1700 da 1900 kai tsaye ba. Ta littafi mobiliti ce ta tafiya a filin lantarki, ta Auwalu ta Hall ce, kuma akwai wani ninki da ake kira r tsakaninsu, tunda masu dakon ba gudu ɗaya suke yi ba. A lissafi mai sauƙi 1.18 ne idan girgizar ƙirar ce ke tare su, 1.93 idan gaurayen mai caji ne. A jamaniyam nau'in p ma abin ya fi haka rikici, don gurabe iri biyu ne, masu nauyi da marasa nauyi, kuma R_H na canzawa da ƙarfin filin. Idan r ya haura ɗaya, ta Hall kamata ya yi ta wuce 1900, ke nan giɓin da zai bayyana ya fi yadda kuke zato, kuma 10¹⁵ ɗin ma ta gaza.

Malama_Hauwa:
Ban musa ba, Injiniya. Amma da awo ɗaya a 0.3 T ba shi da hanyar fitar da r. Ya rubuta cewa ya ɗauki r = 1 kuma abin da ya samu mobiliti ta Hall ce, ya isa a aji uku.

Injiniya_Kabiru:
Ya isa ga maki. Ni da zan so ya auna a 0.1, 0.2 da 0.3 T, kowanne da juyawa, ya zana ya ga ko layin miƙaƙƙe ne. Minti ashirin ne.

BabanLab:
In za ka yi haka Auwalu, ka juya wutar falan ma a kowane mataki, awo huɗu ke nan maimakon biyu, don a share boltej ɗin da bambancin zafi ke haifarwa a liƙin. Kuma kada ka yarda kashe maganaɗisu na nufin sifili, ƙarfen na riƙe ɗan saura. Zare falan daga tsakanin bakunan in kana son sifili na gaske.

Auwalu_aji3:
Na gode ƙwarai. Gobe Asabar ɗakin a rufe yake, amma zan roƙi mai makulli da safe in an kawo wuta. Anti Nafisa, in kin sake liƙin ki sa mana boltej ɗin nan mu gani.